Ku Ninke Takardar Kafin Ku Miƙa Ta

Ƙannena masu koyon zanen gini a kwamfuta, a cikin aikin da za a riƙa kawo muku babu wanda ido ke yi wa bincike kamar fuskar masallaci. Gidan zama idan tagarsa ta ɗan kauce, mai gidan ne kaɗai zai damu. Masallaci kuwa kowa nasa ne, kuma kowa ya saba ganin ƙofa a tsakiya, ƙubba a bisa ƙofar, abin da ke dama ya yi daidai da abin da ke hagu. Mutumin da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba zai dubi hotonku ya ce akwai abin da bai zauna ba, kuma gaskiyarsa ce, ko da ya kasa nuna wurin.

Na koyi wannan ne a kan tabarma, bayan sallar la'asar, ran da na kai wa wani kwamitin ginin masallacin unguwa hoton da na kwana biyu ina fitarwa. Na buga shi a babbar takarda, kowa ya karɓa ya yaba ya miƙa gaba, har ya isa hannun wani dattijon magini da ke zaune a gefe. Bai ce komai ba. Ya sa farcen babban yatsa a kan tsinin bakan ƙofar tsakiya, ya ninke takardar biyu a daidai wurin, ya ɗaga ta sama ta fuskanci haske. Sai ya ce, “Ɗana, zo ka gani. Sandar kan ƙubbarka ba ta kan ninkin.” Na ce, “Baba, a cikin zanen daidai take.” Ya ce, “To ni wannan aka ba ni.” Kaucewar ba ta wuce milimita biyu a takardar ba, amma tana nan. Ginin da ke cikin kwamfutata lafiyarsa ƙalau, kyamara ce na tura gefe da rabin mita ban sani ba. Zan dawo kan lissafin wannan, domin yawancinku a nan kuke faɗawa.

Bari mu ɗauki masallaci ɗaya mu bi shi daga farko, a cikin Blender, tunda kyauta ce kuma ita ce a kwamfutar yawancinku. Faɗin fuskarsa mita 18, tsayin bango mita 7.5. Yana da baka biyar a jere, da ɗamarar ado mai taurari a samansu, da ƙubba mai faɗin mita 8 wadda tsakiyarta ke mita 8 a bayan bangon gaba.

Kafin ku ɗora komai, ku kafa layin tsakiya, kamar yadda magini ke buga turke ya ja igiya kafin a haƙa harsashi. Ku mai da alamar aiki zuwa asalin fili da `Shift+C`, ku saka `Empty` a wurin, ku ba shi suna, ku kulle shi kada ya motsa. Daga nan rabin fuskar kawai za ku gina, na dama ko na hagu, `Mirror` ya haifar da ɗaya rabin. Abin da sabon hannu ba ya lura da shi shi ne, `Mirror` ba ya duban tsakiyar masallaci, yana duban cibiyar abin da aka ɗora shi a kai, wato ɗan ɗigon nan mai ruwan lemo. Idan cibiyar bango tana wuri ɗaya, ta ginshiƙai tana santimita huɗu a gefe, kowannensu zai yi daidai da kansa amma ba za su yi daidai da juna ba. Maganinsa shi ne a kowane `Mirror` ku cika gurbin `Mirror Object` da wannan `Empty` ɗin guda ɗaya. Ku kunna `Clipping` da `Merge` don ɗigogin da ke kan layin su manne su zama ɗaya. Sannan duk abin da kuka juya ko kuka ja girmansa, ku danna `Ctrl+A` ku zaɓi `Rotation & Scale`, in ba haka ba gaba za ku ga gefen ginshiƙi ya fi kauri a tsaye fiye da a kwance, ku rasa dalili.

Idan kun ga wani siririn layi mai duhu ya sauko ta tsakiyar ƙofa daga sama har ƙasa, ɗayan biyu ne. Ko dai rabin biyu ba su haɗu ba, akwai ɗan gibi, ko kuma kun bar fuska a cikin mahaɗar, bango a cikin bango. Ku shiga ku share ta.

Yanzu lissafin ado, wanda a ganina shi ne zuciyar aikin, kuma da fensir ake yinsa tun ba a buɗe kwamfuta ba. Ku nemi awo ɗaya wanda komai na faɗin fuskar zai rabu da shi ba saura. A namu masallacin na ɗauki santimita 60. Ginshiƙi ɗaya faɗinsa awo ɗaya ne. Buɗin kowane baka awo biyar ne, wato mita 3. Daga tsinin baka zuwa tsinin na kusa da shi awo shida ne, wato mita 3.6, kuma biyar ɗinsu sun cika mita 18 cif, da rabin ginshiƙi a kowane ƙarshe. Tauraron ado, mai kusurwa takwas ɗin nan da ake samu idan an ɗora murabba'i a kan murabba'i aka juya ɗaya da digiri 45, shi ma yana zaune a cikin gida mai awo ɗaya.

Mita 18 za ta ɗauki taurari 30, kuma abin da hannu zai fara yi ke nan, a jera talatin daga wannan bango zuwa wancan. Amma talatin tana rabuwa biyu daidai, don haka layin tsakiya zai faɗa a tsakanin taurari biyu, tsinin ƙofa ya riƙa nuna mahaɗa. Ba laifi ba ne a ƙa'ida, sai dai ido ya fi natsuwa idan tsinin ya nuna cikin tauraro. Don haka ku fara daga tsakiya: tauraro ɗaya a kan layin, 14 a dama, 14 a hagu, jimilla 29. Za su ci mita 17.4, a bar santimita 30 a kowane gefe, wanda shi ne daidai faɗin rabin ginshiƙin nan na ƙarshe. Ku duba abin da ya faru kuma: tsinin baka na biyu yana mita 3.6 daga tsakiya, tauraro na shida ke nan. Na uku yana mita 7.2, tauraro na goma sha biyu. Kowane baka ya sami tauraro a kansa. Wanda ya dubi hoton ba zai ƙirga ba, amma zai ji ginin ya zauna.

Wajen jera taurarin da `Array`, ku kashe `Relative Offset` ku kunna `Constant Offset` ku rubuta 0.6 da hannunku. Na farkon yana auna tazara ne da girman abin da kansa, don haka idan wani ɗan tsinin ado ya leƙo waje da milimita biyu, wannan biyun za ta riƙa taruwa, a tauraro na goma sha huɗu ta zama kusan santimita uku. Alamarsa ita ce tauraron tsakiya yana kan tsininsa daram, na baka na biyu ya ɗan zame, na baka na uku ya fi zamewa.

Baka mai tsini ba a zana shi da ido. Yanki biyu ne na da'ira, kowanne da cibiyarsa. A buɗin mita 3, ku ɗauki faɗin kamfas mita 2. Cibiyar yankin hagu tana rabin mita a dama da tsakiyar buɗin, a kan layin da bakan ya taso. Ta yankin dama tana rabin mita a hagu. Za su haɗu a tsayin mita 1.94 daga layin tasowa. Idan naku ya haɗu a wani tsayi dabam, cibiyar ce ta goce. Ku zana yanki ɗaya da gaɓoɓi kamar 24, ku madubta shi a kan tsakiyar bakan, wato cibiyarsa, ba a kan `Empty` ɗin ba, ku gama baka ɗaya tsaf, sauran huɗun su zama kwafinsa na `Alt+D`, domin duk gyaran da kuka yi wa ɗaya ya shafi sauran. Akwai wani ƙaramin tarko a tsinin. Idan kun sa `Shade Auto Smooth`, yana barin gefe da kaifinsa ne idan karyewar ta wuce digiri 30, kuma karyewar tsinin wannan bakan tana bakin talatin ɗin ne. In kuka ƙara yawan gaɓoɓi sosai, tana iya faɗawa ƙasa da iyakar, sai inuwar cikin bakan ta zagaye tsinin ya yi kama da an shafe shi da yatsa. Kada ku bar wa sa'a. Ku zaɓi gefen tsinin ku yi masa `Mark Sharp`.

Akwai abubuwa uku da madubi bai kamata ya taɓa ba, kuma ina roƙonku ku riƙe na farkon da hannu biyu. Rubutu. Idan akwai aya ko sunan Allah a saman ƙofa ko a gefenta, ku ware shi ya zama abu mai zaman kansa, ba tare da `Mirror` ba. Na sha ganin hoton da rubutun dama yake karantuwa, na hagu kuwa ya koma baibai, an buga shi a allon neman taimako an kafa a bakin titi. Wanda ya yi bai yi da gangan ba, amma ba ƙaramin abu ba ne. Idan ana son rubutu a ɓangarorin biyu, a daidaita gidajen da za su zauna a ciki, kowane rubutu a saka shi da kansa yana tafiya daga dama zuwa hagu. Na biyu, adon saƙa, wanda igiyoyinsa ke hawa kan juna suna shiga ƙarƙashi bi da bi, irin yadda dagi yake. Madubi yana juya wannan tsari, sai a kan layin tsakiya igiya ta hau sau biyu a jere, saƙar ta karye. Irin wannan ado da `Array` kaɗai ake jera shi, duka 29 ɗin, a fara daga mita 8.4 a hagu. Na uku, jinjirin watan kan ƙubba. In bakinsa na kallon sama ba matsala, in na kallon gefe ne ku cire shi daga madubi, ku tabbata dai sandarsa na kan layin.

Ƙubba ba ta da wahala, amma ana yi mata rowa. Ƙwallon da Blender ke bayarwa da farko yana da yanka 32 a kewaye da zobe 16 daga sama zuwa ƙasa, wato rabinsa na sama gaɓoɓi takwas ne kacal daga gindi zuwa tsini. `Shade Smooth` zai gyara hasken da ke jikinta ta yi sumul, amma ba ya taɓa bakinta inda ta haɗu da sararin sama. A ƙubba mai faɗin mita 8, tsakiyar kowace gaɓa tana nutsewa kusan santimita biyu daga ainihin da'irar, kuma a hotonmu wannan ya kusa fiksel uku. Za a ga ƙubbar da kusurwoyi kamar an fere ta da wuƙa. Ku ba ta yanka 128 da zobe 64, nutsewar ta koma milimita ɗaya da ɗoriya, ido ba zai kama ba. Na zaɓi 128 ne kuma don tana rabuwa da 8 da 16, saboda idan ƙubbar na da haƙarƙari 16, kowanne zai hau kan layin yanka. Wuyan ƙubba mai gefe takwas yakan zo da kusurwa tana kallonku. Ku juya shi digiri 22.5 don shafaffen gefe mai taga ya fuskanci gaba, ku rubuta lambar, kada ku juya da linzami.

To mu koma ga takardar dattijon nan. Kyamarar da ake ɗaukar fuskar masallaci kai tsaye ba a saita ta da yawo a cikin fili har sai hoton ya yi kyau a ido. Lambobi ake rubuta mata. A namu, `Location` ɗinta X sifili ne, Y -30, wato mita 30 a gaban bango, Z mita 1.6, tsayin idon mutum. `Rotation` kuma X 90, Y sifili, Z sifili. Da `Focal Length` 50 mm, daga wannan nisa tana ganin faɗin mita 21.6 a kan bangon, ginin ya shiga da ɗan fili a gefe.

Me ya sa rabin mita ya ɓata min aiki? Saboda ƙofa da ƙubba ba a nisa ɗaya suke ba. Ƙofa tana mita 30 daga kyamara, sandar ƙubba tana mita 38. Ku ɗaga yatsa a gaban fuskarku ku rufe ido ɗaya, sannan ku sauya ido, za ku ga yatsan ya yi tsalle a kan abin da ke bayansa. Haka nan, idan kyamara ta matsa rabin mita, ƙubba za ta zame daga kan ƙofa da rabin mita sau 8 a raba da 38, kimanin santimita 10 a ma'aunin bangon. A hoto mai faɗin fiksel 3840 wannan fiksel 19 ne. Yanke gefen hoton don ƙofa ta dawo tsakiya ba ya gyara wannan, domin ƙubbar da ƙofar sun riga sun rabu. Akwai alama ta biyu da za ta tona muku asirin: ku dubi kaurin bango a cikin bakan tsakiya. In kyamara na kan layi, za ku ga cikin bangon dama da na hagu da faɗi ɗaya. In ɗaya ya fi ɗaya, kyamara ta goce.

Da kyamarar a miƙe haka, kan ƙubba ba zai shiga hoton ba, kuma abin da zuciya za ta raya muku shi ne ku ɗaga hancin kyamarar sama. Kada ku yi. Da zarar X ya bar 90, ginshiƙai za su fara karkata zuwa ga juna, hasumiya ta yi kamar za ta faɗa ciki, taurarin sama su fi na ƙasa ƙanƙanta. Ku yi amfani da `Shift Y`, wanda ke ɗaga firam ɗin ba tare da ya karkatar da kyamarar ba. A hoto mai 3840 da 2560, `Shift Y` na 0.18 yana ɗaga shi kusan mita 3.9, sai ku ga daga ɗan filin gaban masallaci har sama da jinjirin wata, layukan tsaye kuma suna tsaye. Wannan yana da wata riba da ba a cika faɗa ba: layin da ke tsaye sak yana bin jerin fiksel ɗaya daga sama har ƙasa, don haka yana fita da kaifi, wanda ya karkata kaɗan kuwa dole ya riƙa tsallakawa, ya yi matakala. Idan kun gama, ku danna ƴan makullan da ke gefen lambobin.

Kaifin hoto shi ma lissafi ne, kuma ku yi shi kafin ku ɓata wutar dare. Ku raba faɗin da kyamara ke gani da yawan fiksel. Mita 21.6 a kan 3840 ta ba da milimita 5.6 ga kowane fiksel. A kan 1920 kuwa milimita 11 da ɗoriya. Igiyar adon taurarinmu faɗinta santimita 3. A babban hoton tana da fiksel biyar da wani abu, za ta fito da gefenta biyu da tsakiyarta. A ƙaramin ba ta kai uku ba, ta fara dushewa. Tsagin da ke tsakanin tayil, mai santimita ɗaya, a ƙaramin hoton bai cika fiksel ɗaya ba, don haka wani wuri zai bayyana wani wuri ya ɓace, har ya haifar da wasu raƙuman zane da babu su a ginin, irin wanda ake gani idan an ɗauki hoton rigar saƙi a talabijin. Ni ƙa'idata, duk layin da nake so a gani sai ya sami fiksel uku ko fiye. In bai samu ba, ko in ƙara girman hoton, ko in cire layin daga wannan hoton in nuna shi a wani na kusa. Ƙara `Samples` ba ya ƙirƙiro fiksel ɗin da babu.

Ado kuma ku gina shi da jiki, kada ku manna hotonsa. Wanda ya sauko da hoton ado mai faɗin fiksel 2048 ya shimfiɗa shi a kan ɗamara mai mita 17.4, kowane ɗigon hoton ya rufe milimita 8.5, ya fi fiksel ɗin rendarsa girma, don haka adon zai yi hazo komai ƙarfin kwamfutarsa. In dole sai hoto, to ya zama na tauraro ɗaya da ke maimaituwa a kowane santimita 60. Amma ginannen ya fi, domin yana jefa inuwa. Ku ɗaga igiyoyin santimita ɗaya da rabi daga bango. Kada ku kwantar da su a kan bangon daidai wa daida ba tazara, saboda fuska biyu a wuri ɗaya suna rikita injin, su fito da baƙaƙen tabo waɗanda ba sa zama iri ɗaya a dama da hagu. Sannan ku ba gefuna ɗan `Bevel`: santimita ɗaya a ginshiƙai da bakin baka, milimita uku ko huɗu a igiyoyin ado. Zai zo muku da mamaki a ce a dakushe gefe don ya yi kaifi, amma wannan ɗan shafaffen wurin shi ke kama haske ya ja siririn farin layi, kuma layin nan ne ido ke karantawa a matsayin kaifi.

Haske kuwa kada ku daidaita shi. Daidaito na gini ne, rana tana da gefenta. In kuka sa ta a bayan kyamara sak, inuwar ado za ta ɓuya a bayansa, fuskar ta zama shafaffiya kamar zanen takarda. Ku kawo ta daga gefe, kamar digiri 30 zuwa 45 daga gaban bangon. A digiri 45, igiya mai tudun santimita ɗaya da rabi tana jefa inuwa mai wannan faɗin, kusan fiksel uku, tauraron ya tashi. Ku tuna kuma alƙiblarmu a ƙasar Hausa gabas ce mai ɗan karkata arewa, saboda haka fuskar da ke bayan sahu tana kallon yamma, ranar bayan azahar ce ke haska ta. Kada ku nuna wa kwamiti hasken safiya a bangon da ba zai taɓa ganinsa ba. `Angle` na rana yana zuwa a 0.526, kusan girman ainihin rana a sama; ku bar shi a nan in kuna son bakin inuwa ya yanke. Farin fenti kuma kada ya kai 1.0, ku tsaya wajen 0.75, in ba haka ba hasken zai cinye adon.

Abu na ƙarshe mai cin kaifi shi ne `Denoise`. Aikinsa share ƙurar hoto, kuma idan kun ba shi hoto mai ƙura da yawa, ba ya bambanta ƙura da ƙananan kusurwoyin tauraro. Za ku gane aikinsa idan kun zuƙo hoton kuka ga tsinin taurari ya narke kamar kitse, kuma narkewar wannan tauraro dabam da ta ɗan'uwansa na ɗaya gefen. Ku bar `Noise Threshold` a 0.01, `Passes` a `Albedo and Normal`, `Prefilter` a `Accurate`, ku kashe `Depth of Field`. Kafin ku saki dukkan hoton, ku ja ɗan akwati da `Ctrl+B` a kan taurari uku a cikin kallon kyamara, ku fitar da shi a cikakken girma ku duba. Minti biyu ne, ya fi ku wayi gari da hoton da ba zai yi amfani ba.

Duk abin da na faɗa na ginin siminti da tayil ne. Idan aikinku na masallacin ƙasa ne, irin cikin tsohon Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, da bakan gizonsa na azara da tulluwarsa, to ku ajiye `Mirror` bayan kun kafa ƙashin ginin. Hannu ne ya shafe wancan bangon, kowane baka da ɗan halinsa, kuma wanda ya fitar da shi sak kamar an zuba a inji ya yi wa maginan ƙarya.

Saura gwajin dattijo, wanda yanzu nake yi a kwamfuta kafin kowane aiki ya bar hannuna. Ku kashe rana, ku bar farin haske iri ɗaya daga ko'ina, ku ɓoye mutane da itatuwa da motoci, ku fitar da hoton. Ku buɗe shi a GIMP, ku kwafi shimfiɗar, ku juya kwafin da `Flip Horizontally`, ku sa yanayinsa a `Difference`. Duk inda dama ta yi daidai da hagu zai koma baƙi, sai ƴar ƙura. Duk inda aka sami saɓani zai haska, kuma faɗin hasken ninki biyu ne na kuskuren. In bangon gaba ya yi baƙi amma ƙubba ta fito da farin baki a gefe biyu, ko dai cibiyarta ta goce ko an yanke hoton don ɓoye gocewar kyamara. In komai ya haska gaba ɗaya, ku fara duban X na kyamara da `Shift X`. In taurarin saƙa sun haska a mahaɗar igiyoyi kawai, wannan daidai ne, haka saƙa take. Rubutu da jinjirin wata mai kallon gefe su ma dole su haska. In rubutu ya yi baƙi ƙirin, to madubi ya taɓa shi, ku koma ku raba su.

Ku ajiye hoton ƙarshe a PNG, kuma in za ku tura ta WhatsApp ku tura shi a matsayin `Document`, don in kun tura shi a matsayin hoto za a matse shi, taurarin da kuka sha wahala a kansu su dagule. Sannan ina roƙonku, kafin ku kai wa kwamiti, ku buga kwafi ɗaya, ku ninke shi a kan tsinin ƙofa ku ɗaga shi ga haske, ku kuma kai wa malamin da ya iya karatu ya karanta muku duk rubutun da ke jikin bangon, harafi bayan harafi.